Godiya kan ganawar jiya

Assalamu alaikum, Hajiya.

Ranki ya daɗe, da fatan kin tashi lafiya, ya aiki, ya kuma gajiyar zaman jiya. Na rubuto ne in yi godiya kan lokacin da kika ba ni, ke da sauran 'yan kwamiti, a intabiyun da aka yi mini jiya da safe kan gurbin jami'in kula da ajiyar magungunan rigakafi. Na ga yawan mutanen da ke jira a waje, amma duk da haka ba a katse ni ba ko sau ɗaya, kuma sai da kika sa aka zagaya da ni ɗakin ajiya kafin in tafi. Na ji daɗin wannan karamci ƙwarai. Ina roƙon ki isar da gaisuwata ga shugaban sashen ma'aikata da kuma mai kula da sito, wanda ya bar aikinsa ya buɗe mini firij ɗaya bayan ɗaya.

Cikin duk abin da aka tattauna, magana ɗaya ce na kwana da ita. Da muka zo kan batun ɗaukewar wuta, kin ce kowa zafi yake tsoro, alhali sanyin da ya wuce kima ya fi ba ki tsoro, domin shi ba ya barin shaidar da ido zai gani. Lokaci ya ƙure kafin mu kai ƙarshen zancen, shi ya sa nake so in ƙarasa nawa bayanin a nan, idan ba za ki damu ba.

Ina tare da ke a kan wannan. Duk wanda ya yi aikin rigakafi ya haddace cewa ana ajiye yawancin magungunan tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin Salshiyas, amma a aikace lamba 8 ce kawai ke tayar wa mutane hankali. Idan ma'auni ya hau 10, nan da nan za a kira mai gyara. Idan ya sauka ƙasa da sifili cikin dare ya dawo 3 kafin asuba, sai a rubuta 3 a takarda, kowa ya kama harkarsa. Ɗan tambarin nan da ke jikin kwalba, wanda murabba'in tsakiyarsa ke yin duhu a hankali, zafi kaɗai yake nunawa. Kwalbar fenta za ta iya daskarewa ta narke, tambarinta yana nan fes, uwa ta kawo ɗanta a yi masa allura, a cika masa kati, kowa ya tafi gida da zaton yaron ya tsira daga mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a aikin nan, domin amanar da uwar ta ba mu ce ta tafi a banza ba tare da ita ko mu mun sani ba.

Dalilin kuwa sananne ne. Fenta da allurar ciwon hanta da ta sarƙewar haƙora duk suna ɗauke da sinadarin alminiyum da ke ƙara musu ƙarfi, kuma da zarar sun daskare sai sinadarin ya dunƙule, ba ya komawa yadda yake. Maganin shan inna na ɗigawa a baki shi daskarewa ba ta yi masa illa, har a firiza ake ajiye shi a manyan sito. Ina ganin daga nan ne wasu ma'aikata suke ɗauka cewa duk abin da ya fi sanyi ya fi aminci.

Kin tambaye ni ta ina zan fara idan aka ba ni aikin, na ce ta akwatunan da ake fita da su ƙauyuka. Har yanzu a nan nake. A asibitin da nake aiki yanzu, na lura ɓarnar ta fi faruwa da sassafe, lokacin da ake sauri, mota na jira, sai a ciro ƙanƙara daga firiza a jera ta kai tsaye kusa da kwalabe. Ƙa'idar ita ce a bar robobin ƙanƙarar a waje har sai an girgiza an ji ruwa na motsi a ciki, sannan a sa su. Kowa ya san wannan, abin da ke hana yi shi ne jiran. Da muka mayar da ciro ƙanƙara aikin farko na wanda ya buɗe ofis, tun kafin ya taɓa rajista, sai jiran ya daina zama matsala, domin kafin direba ya iso ta riga ta saki. Ba a kashe ko sisi ba wajen wannan gyara.

Sai kuma gwajin girgizawa, wanda na ji daɗi da kika ambata. Yawancin waɗanda na yi aiki da su sun ji sunansa a bita, amma ba su taɓa yi da hannunsu ba. A ɗauki kwalba ɗaya daga rukunin da ake zargi, a daskarar da ita da gangan ta kwana a firiza, a bar ta ta narke, a yi mata alama. Sannan a riƙe ta tare da wadda ake shakka a hannu ɗaya, a girgiza na daƙiƙa 10 zuwa 15, a ajiye su gefe da gefe a wuri mai haske. Idan garin wadda ake shakka ya kwanta da sauri kamar na wadda aka daskarar, ko ya fi shi sauri, to ta lalace. Wanda ya taɓa ganin wannan da idonsa ba ya sake jingina kwalba da bangon firij. Zan so kowane mai kula da firij a ƙarƙashin sashenki ya yi shi sau ɗaya a gabana. Sai dai a riƙa tunatar da su cewa gwajin na magungunan da ke da alminiyum ne kawai, ba ya aiki a kan allurar shan inna da ake tsirawa a jiki, duk da ita ma daskarewa na lalata ta.

Da aka zagaya da ni jiya na ga kuna da na'urar da ke adana yanayin sanyi na kwana 30 a kowane firij, abin ya burge ni. Idan aka riƙa duba tarihin da ke cikinta tare da rubutun safe da yamma, abin da ya faru cikin dare ba zai ƙara ɓoyuwa ba.

Na haɗa da samfurin takardar duba sanyi da kika nemi gani, wadda ke da gurbi na musamman don rubuta mafi ƙarancin digiri na dare, tare da kwafin takardar shaidar bitar da na halarta. Idan akwai wata takarda da kwamiti ke buƙata, a sanar da ni, zan kawo da kaina. Kamar yadda na faɗa jiya, ina buƙatar ba wa wurin aikina sanarwar wata guda kafin in bari, domin in miƙa sito ga wanda zai gaje ni yadda ya kamata.

Ina son wannan aiki, kuma zancenmu na jiya ya ƙara mini son yin sa a ƙarƙashinki. Allah ya yi mana zaɓi mafi alheri, ya saka miki da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Na gode ƙwarai, ranki ya daɗe.

Naki,
Aminu