Tallan jakar laftof: na LinkedIn da na Instagram

Salam Yaya Sani, ya kasuwa? Na gama rubutun jakar nan, guda biyu na yi, don in muka kai na Instagram can LinkedIn ba mai kula mu, can manajoji ne da masu yi wa ofis sayayya, su abin da ya dame su guda nawa za ka iya kawowa kuma yaushe.

Ga na LinkedIn:

"Fatar jar akuya ta ƙasar Hausa ta daɗe tana ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa ce mata fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Da irin wannan fata muke ɗinka jakar laftof a nan Kano, aikin hannun dukawanmu. Tana cin laftof mai inci 15 da caja da takardu. Ga kamfanoni da ƙungiyoyi masu neman kyautar da za su ba ma'aikata ko mahalarta taro, muna karɓar oda daga guda 20 zuwa sama, mu buga tambarinku a jiki, mu kammala cikin mako 3. Muna kawo samfur ku gani kafin a yi ciniki. A turo saƙo mu aiko da takardar farashi."

Da gangan ban sa kuɗi ba, farashin sari ai sai an zauna. Hoto ɗaya ya isa, wanda aka ajiye jakar a kan tebur ɗin nan, banda wanda Abba ya rataya ta yana gwalo don Allah.

Na Instagram kuma:

"Wai har yanzu a leda kake yawo da laftof ɗinka? 😅 Haba maigida! Ga jakar fata zalla ɗinkin Kano, akwai ja, baƙa da ruwan ƙasa, ki duba hoto na uku Hajiya taki ce wannan. ₦35,000 kacal. Cikin gari mai adaidaita ya kawo har ƙofar gida, Abuja da Kaduna mu sa a mota. Wace kala za a ajiye miki? A faɗa mana a ƙasa ko a shigo DM."

Nan dole kuɗin ya fito ɓaro-ɓaro, in ba haka ba "nawa?" za a yi ta cika mu da shi har dare, kuma zolayar na sa ta a layin farko ne don Instagram yana yanke rubutu sai mutum ya danna "more", in farkon bai kama shi ba ya wuce kenan. Link ma ba ya dannuwa a ƙasan hoto, sai dai a bio.

Abu ɗaya nake so ka tabbatar min kafin na ɗora, mako 3 ɗin nan. In aka ce guda 50 ana gab da sallah yaran za su iya? In da shakka gara mu rubuta wata ɗaya, mutanen ofis ba sa jin "gobe in sha Allah". Kuma ka turo ɗan bidiyon Malam Habu yana ɗinki, ko sakan 20 ne, na Reels nake so.