Darasin Lissafi: Yadda Ake Auna Hawa da Saukar Farashi, da Misalin Kwandon Tumatir

Ɗalibai, darasin yau a kan ma'aunin karkata ne, wanda a aji kuke jin ana ce masa sitandad dibiyeshan. A littafi za ku ga an rubuta shi da alamar σ, wato sigma, ko kuma da harafin s. Da yawa daga cikinku na firgita da zarar sun ga alamomin nan, alhali tambayar da yake amsawa tambaya ce ta kasuwa: farashin nan a zaune yake, ko yana wasa da mutane?

Mu ɗauki wata mai sayar da abinci a Tudun Wada, wadda kullum da safe take aika ɗanta Kasuwar Bacci ya sayo mata kwandon tumatir ɗaya. Yaron yana rubuta abin da ya biya a bayan littafinsa. Lambobin da zan kawo na koyo ne, na zaɓe su don lissafin ya fita da sauƙi, kuma duk a dubban naira suke, wato 18 tana nufin naira 18,000.

Makon farko, Litinin zuwa Juma'a, ya biya 18, 20, 19, 22, 21. Mako na biyu ya biya 12, 26, 14, 28, 20.

Ku tara na makon farko, za ku samu 100. Ku raba gida 5, matsakaicin farashi ya zama 20. Ku tara na mako na biyu, shi ma 100 ne, matsakaicinsa 20. Wanda ya dubi matsakaici kawai zai ce makonnin nan biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Amma ku je ku tambayi matar. A makon farko in ta ba yaro 22,000 hankalinta kwance, ta san zai dawo da kaya. A mako na biyu kuwa ranar Talata ya bugo mata waya daga kasuwa kuɗi ba su kai ba, ranar Alhamis ma haka, ga tukunya a kan wuta, ga masu saye sun fara leƙowa. Kuɗin da ta kashe ɗaya ne, wahalar da ta sha ba ɗaya ba ce. Wannan bambancin da matsakaici ya rufe shi ne ma'aunin karkata yake fito da shi fili.

Ga yadda ake yi. Da farko a duba nisan da farashin kowace rana ya yi da matsakaici. A mako na biyu, ranar Litinin 12 ne, ya gaza 20 da takwas, sai a rubuta −8. Talata 26 ne, ya ɗara da shida, +6. Laraba −6, Alhamis +8, Juma'a 0 domin ya zo daidai.

Abin da zai fara zuwa ran kowa shi ne a tara waɗannan a raba da 5. Ku gwada. −8 da +8 sun cinye juna, +6 da −6 ma haka, abin da ya rage sifili ne. Kuma ba don na zaɓi lambobin ba ne. Ko waɗanne lambobi kuka ɗauko, haka za ta faru, domin matsakaici shi ne daidai wurin da abin da ya hau da abin da ya sauka suke yin kunnen doki. Saboda haka dole a san yadda za a yi da alamar ragi.

Dabarar ita ce a ninka kowane nisa da kansa, abin da ake kira murabba'i. Ragi sau ragi yana ba da ƙari, don haka −8 sau −8 ya zama 64. Sauran su ne 36, 36, 64 da 0. Jimla 200. A raba da yawan kwanaki, 5, a samu 40. Wannan 40 ita ake kira bariyans, matsakaicin murabba'an ke nan. Sai dai ba ta da ma'ana a bakin ɗan kasuwa, domin naira sau naira ce, ba wanda ya taɓa biyan kaya da irin wannan kuɗi. Don a dawo da ita naira sai a nemi tushenta, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 40. Ku danna √ a kalkuleta, za ku ga 6.32. To ma'aunin karkata na mako na biyu kusan naira 6,300 ne.

Ku yi wa makon farko haka. Nisan su ne −2, 0, −1, +2, +1. Murabba'ansu 4, 0, 1, 4, 1, jimla 10. A raba da 5 a samu 2, tushenta 1.41, kusan naira 1,400.

In an dunƙule matakan a layi ɗaya, ga abin da littafi ke nunawa, inda x ke nufin farashin rana, μ matsakaici, n yawan kwanaki, Σ kuma umarni ne na a tara:

```
σ = √( Σ(x − μ)² / n )
```

Yanzu me 1,400 da 6,300 suke faɗa wa mai abincin? A mako irin na farko, farashin yini yakan kauce wa 20,000 da kimanin dubu ɗaya da 'yan kai, sama ko ƙasa. A mako irin na biyu, ta sa rai da komai tsakanin 13,700 da 26,300, kuma wani lokaci ya tsallake nan ma. Ku duba da kanku: 14, 20 da 26 sun faɗa cikin wannan tazara, 12 da 28 sun fita. Ke nan a irin wannan mako bai kamata ta sallami yaro da 20,000 cif ba, sai ta ɗora masa aƙalla dubu shida ko bakwai na ko-ta-kwana.

Ɗalibi mai kaifin hankali zai ce, Malam, me ya sa ba za mu yar da alamar ragin kawai ba, mu tara 8, 6, 6, 8, 0 mu raba da 5? Tambaya ce mai kyau, kuma ana yin hakan, amsar 5.6 ce, ma'auni ne mai zaman kansa. Abin da murabba'i ya ƙara shi ne yana ba babban tsalle nauyi fiye da ƙanana. Nisan 2 yana zama 4, amma nisan 8 yana zama 64: ya ninka shi sau huɗu a nisa, sau goma sha shida a lissafi. Ni a ganina wannan ya dace da kasuwa, domin ƙarin dubu biyu ana iya shanye shi, ƙarin dubu takwas a yini ɗaya kuwa shi ke cinye ribar ranar.

Wannan halin nasa yana da wani gefe da ya kamata ku kiyaye. A ce a makon farko ranar Juma'a mota ba ta iso ba, kwando ya tashi daga 21 ya koma 36. Matsakaici zai zama 23, murabba'ai su zama 25, 9, 16, 1 da 169, jimla 220, ma'aunin ya haura zuwa 6.63. Yini ɗaya tak ya sa mako mai lafiya ya fi na biyu muni a takarda. Irin wannan yana faruwa da gaske, har ya wuce na yini. A watan Mayun 2016 gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, bayan tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, farashi ya yi tashin gwauron zabi a faɗin ƙasar nan. Duk wanda ya haɗa watannin nan da sauran a lissafi ɗaya ba tare da ya ware su ya duba ba, lambar da zai samu ba za ta siffanta shekarar da aka saba ba. Shi ya sa nake roƙonku, kafin ku taɓa kalkuleta, ku fara karanta lambobin da idonku.

Wani abin da ba ya gani shi ne jerin kwanaki. Farashin da ya tafi 16, 18, 20, 22, 24 da wanda ya tafi 24, 16, 22, 18, 20 ma'auninsu ɗaya ne, 2.83. Amma na farkon hawa yake yi a hankali, kamar yadda tumatir ke yi idan noman rani ya zo ƙarshe, kayan da ke fitowa daga yankin Zariya da Kadawa suka fara ja baya gab da damina. Na biyun kuwa kai da kawowa kawai yake. Mai hankali a hali na farko zai fara shanya tumatir ko ya tanadi na gwangwani, abin da ma'aunin shi kaɗai ba zai gaya masa ba.

Sai maganar n − 1, wadda ke rikita ɗalibai a jarrabawa. Idan kwanaki biyar ɗin nan su ne duk abin da kuke son sani, ku raba da 5. Idan kuwa kun ɗauke su ne a matsayin samfuri don ku kimanta yadda farashi yake a duk tsawon watan, ku raba da 4. Dalili shi ne matsakaicin da kuka yi amfani da shi daga cikin kwanakin nan ya fito, don haka ya fi kusa da su fiye da ainihin matsakaicin wata, nisan sai ya fito ƙasa da gaskiya. Rabawa da 4 tana ɗan ɗaga shi. Mako na biyu zai zama tushen 50, wato 7.07, na farko kuma 1.58. In kwanaki sun kai talatin ko fiye, bambancin hanyoyin biyu ba shi da yawa. A Excel ko Google Sheets, in farashin yana daga B2 zuwa B6, layin farko na rabawa da n ne, na biyu na n − 1:

```
=STDEV.P(B2:B6)
=STDEV.S(B2:B6)
```

In za ku kwatanta lokuta biyu da farashinsu ya yi nisa da juna, ku raba ma'aunin da matsakaici. Karkatar 3,000 a lokacin da kwando yake 60,000 kashi 5 ne cikin ɗari, alhali 1,400 a kan 20,000 kashi 7 ne. Lamba ta fi girma, amma kasuwar ta fi zama lafiya.

Duk wannan ba zai yi amfani ba in rubutun farko bai inganta ba. Kwando ba girmansa ɗaya ba, tumatir mai ƙwari da wanda ya fara laushi ba kuɗinsu ɗaya ba, farashin asuba lokacin da ake sauke kaya daban yake da na yamma da dillali ke neman rabuwa da saura. Ku tsaya a kan kwando iri ɗaya, a kasuwa ɗaya, a lokaci ɗaya, kuma ku rubuta kuɗin da aka sallama, ba wanda aka fara yi wa kaya suna da shi ba.

Aikin gida: an sayi kwando a kan 24, 30, 27, 33 da 36. Ku fitar da matsakaici, sannan ma'aunin karkata ta hanyoyin biyu. Wanda ya bi matakan daidai zai samu 30, da 4.24, da 4.74. Bayan haka kowa ya rubuta farashin tumatir na kwana goma a kasuwar unguwarsu, ko Kawo ce ko Barnawa ko babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ya zo da shi aji mu lissafa tare.