Wasiƙa zuwa ga Hauwa a Landan

Jos, 9 ga Janairu

Taubashiyata Hauwa,

Gaisuwa mai yawa. Ya sanyin Landan? Namu na Jos ma bai raga mana ba, har Goggo ta daina fita tsakar gida kafin hantsi.

Kin ce kewar gida ta dame ki, to ga magani. Fara da Daɗin Kowa na Arewa24. Sunan kawai zai tuna miki unguwarmu, ko da yake garin cikin shirin ƙirƙirarre ne. Gulmar maƙwabta, malamin tsangaya, rigimar kishiyoyi, duk kamar kina zaune a zauren Kaka. Ni shi na fi so.

Gidan Badamasi kuwa na dariya ne: tsoho mai kuɗi da tarin 'ya'ya, kowa idonsa na kan dukiya. Kar ki kalla kina cin abinci, za ki ƙware. Labarina na Aminu Saira soyayya ce mai sa hawaye, irin taki ke nan, uwar kuka. Kwana Casa'in siyasar jihar Alfawa ce, sai ki rantse gwamnoninmu ake nufi. Izzar So yana YouTube, a tashar Bakori TV.

In kin gama ki kira ni mu yi musu. Ki gaida maigidan da yara.

Taubashinki,
Sani