Yadda za a gano yaran da ranar rigakafinsu ta wuce

Abokan aiki na dakin rajista a nan Marwa, ga dabara ta manhajar lissafi irin su Excel. Ginshikin C ranar dawowa, D ranar da aka yi allurar. A E2 ku rubuta:

```
=SI(ET(C2<>"";D2="";C2<AUJOURDHUI());"YA WUCE";"")
```

Sai ku ja ta kasa. Na'urar da ke Turanci tana son IF, AND, TODAY a madadin SI, ET, AUJOURDHUI na Faransanci, galibi da wakafi a madadin ;.

Ranar Penta 2 kuwa, a kara 28 kan ranar Penta 1.

Inda ake tuntube: kwanan wata da ya shiga a matsayin rubutu. Za ku gan shi makale a hagun gida, kuma dabarar ba za ta taba kama yaron ba. Ku sake buga shi, misali 05/03/2025. Agogon kwamfuta ma a duba bayan dauke wuta, don da shi take lissafi.