Sanarwar Guraben Ƙarin Girma ga Ma'aikatan Masana'antarmu ta Sarrafa Shinkafa

Daga: Sashen Kula da Ma'aikata, Babban Ofis, Sharaɗa, Kano
Zuwa ga: Dukkan ma'aikata na dindindin, na masana'anta da na cibiyoyin sayen shanshera da ke Kura, Bunkure da Haɗejia
Kwanan wata: Litinin, 6 ga Yuli, 2026

Assalamu alaikum.

Hukumar gudanarwa tana sanar da dukkan ma'aikata cewa an samu guraben aiki guda huɗu a kan mataki na 9, kuma ta yanke shawarar cike su daga cikin gida, ba tare da an tallata su a waje ba. Biyu daga cikin guraben na Shugaban Rukunin Aiki ne, ɗaya a sashen gumi da busarwa, ɗaya a sashen injin casa, kuma sun samu ne saboda rukunin dare da za a ƙara a kakar bana. Na uku shi ne Babban Jami'in Sito, wanda mai riƙe da shi zai yi ritaya a ƙarshen watan Satumba, na huɗu kuwa Babban Jami'in Duba Inganci, muƙamin da ya kasance a hannun riƙo tun farkon shekara. Hukuma ta zaɓi wannan hanya ne domin tana da yaƙinin cewa mutumin da ya shekara da shekaru yana tsaye gaban sikeli ko tukunyar gumi ya fi baƙo sanin inda asara ke shigowa, kuma ya cancanci a fara ba shi dama.

Shugaban Rukunin Aiki shi ne mai amsa tambaya kan duk abin da ya faru a sashensa cikin awa takwas na rukuninsa, tun daga rabon aiki da kiyaye lafiyar ma'aikata har zuwa rahoton da zai miƙa wa wanda ya karɓe shi. Babban Jami'in Sito zai riƙe lissafin kowane buhu da ya shigo da wanda ya fita, ya kuma tabbatar da cewa shansherar da ta riga shigowa ita ke riga zuwa inji. Babban Jami'in Duba Inganci shi ke da ikon mayar da mota da kayanta idan danshin shanshera ya wuce ƙa'ida ko tsakuwa ta yi yawa, shi ne kuma zai kula da cika sharuɗɗan hukumomin NAFDAC da SON. Cikakken bayanin aikin kowane muƙami yana manne a allon sanarwa na kowane sashe da kowace cibiya.

Wanda ya cancanci nema

Duk ma'aikacin da aka tabbatar masa da aikinsa, wanda kuma zai cika shekara uku a kan mataki na 8 zuwa ranar 24 ga Yuli, 2026, yana da damar nema. Ana buƙatar takardar babbar difloma ko digiri tare da shaidar kammala hidimar ƙasa ko takardar ɗauke masa ita. Sai dai a guraben Shugaban Rukunin Aiki guda biyu, za a karɓi ƙaramar difloma daga wanda ya yi shekara shida ko fiye da haka a gaban inji, domin akwai ƙwararru a cikinmu waɗanda takarda kaɗai ta tsare su a wuri ɗaya, kuma hukuma ba ta ganin adalci ne a ci gaba da hakan. Wanda yake da takardar gargaɗi da ba ta cika wata goma sha biyu ba, ko wanda kwamitin ladabtarwa bai kammala sauraron shari'arsa ba, zai jira zagaye na gaba. Hutun haihuwa, hutun rashin lafiya da likita ya tabbatar, da hutun aikin Hajji duk ana lissafa su cikin shekarun aiki, saboda haka kada wani ko wata su janye a kan wannan dalili.

Muna kira musamman ga ma'aikatan cibiyoyin Kura, Bunkure da Haɗejia, da kuma mata ma'aikatan ɗakin gwaji da na sito, da su fito su nema. Nisa da babban ofis ba zai rage wa kowa maki ba, kuma kamfani zai biya kuɗin mota da na masauki ga duk wanda aka gayyata daga wajen Kano. Ma'aikaci mai buƙata ta musamman ya bayyana a cikin fom irin tanadin da yake so a yi masa, kamar ƙarin lokaci ko zama a ɗakin ƙasa, za a kuma yi masa, bisa tanadin dokar 2018 da ta haramta nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman.

Yadda za a nema

Za a karɓi fom kyauta a ofishin Sashen Kula da Ma'aikata ko wajen akawun kowace cibiya. Mai nema zai cike shi da hannunsa, ya haɗa da kwafen takardun karatunsa, da takardar ƙarin girmansa ta ƙarshe, da wasiƙa wadda ba ta wuce shafi ɗaya ba, da Hausa ko da Ingilishi, inda zai faɗi wata matsala guda da ya lura da ita a sashen da yake nema da yadda zai magance ta. Ana iya neman gurbi biyu, amma a nuna wanda aka fi so. Ba a buƙatar sa hannun shugaban sashe kafin a miƙa fom, kuma babu shugaban da ke da ikon hana na ƙasa da shi nema. Za a rufe karɓa ranar Juma'a, 24 ga Yuli, da ƙarfe 12 na rana. Kowa ya tabbata ya karɓi rasit mai lamba, domin da wannan lamba za a san shi a sauran matakan.

Matakan tantancewa

Mataki na farko shi ne duba takardu, daga 27 zuwa 31 ga Yuli. A nan ana gwada abin da mai nema ya rubuta da abin da ke cikin fayil ɗinsa ne kawai, sannan a fitar da matsakaicin makin rahoton aikinsa na shekaru uku da suka wuce, wanda zai ɗauki maki 20 cikin 100. An ɗauki shekaru uku ne domin kada ra'ayin shugaba ɗaya a shekara ɗaya ya yanke wa mutum hukunci. Za a liƙa lambobin waɗanda suka tsallake ranar Litinin, 3 ga Agusta, wanda bai ga lambarsa ba kuwa za a ba shi dalili a rubuce, kuma yana da dama zuwa ranar Alhamis, 6 ga Agusta, ya kawo gyara idan kuskure ne daga fayil.

Mataki na biyu jarrabawar rubutu ce ta awa biyu, ranar Asabar, 15 ga Agusta, da ƙarfe 10 na safe a zauren taro na babban ofis, kuma tana ɗauke da maki 25. Tambayoyin za su shafi dokokin aikin kamfani, matakan kariya daga gobara da haɗarin inji, lissafin nauyi da kaso, da rubuta gajeren rahoto. Lamba za a rubuta a takardar amsa, ba suna ba. Wanda rukuninsa na aiki ya faɗo a daren Juma'a za a ɗauke masa aikin wannan dare ba tare da an taɓa albashinsa ba. Sai wanda ya sami aƙalla maki 13 ne zai wuce gaba.

Mataki na uku, wanda ya fi kowanne nauyi da maki 30, gwaji ne na aiki a zahiri, daga 18 zuwa 20 ga Agusta, kuma a nan ne hukuma take son ganin abin da takarda ba ta iya nunawa. Mai neman duba inganci za a kai shi gaban mota da aka ɗoro wa shanshera, a ba shi bututun soke buhu da na'urar auna danshi, a ga ko zai tsaya ga buhunan da ke bakin mota ko zai sa a sauke har ya kai na tsakiya, inda aka fi ɓoye jiƙaƙƙen kaya. Zai faɗi ko kayan sun sauka zuwa kashi 14 cikin 100 na danshi da ake buƙata kafin ajiya, ya kuma tsaya a kan hukuncinsa a gaban mai kaya cikin ladabi. Mai neman sito za a ba shi katin kaya da aka saka wa giɓi da gangan, ya ƙirga jeri guda na buhuna ya gano inda lissafi ya karkace. Masu neman shugabancin rukuni kuwa za a gabatar musu da matsala irin wadda ake fuskanta kullum, misali shinkafa ta fara fitowa da karaya mai yawa ko ƙarfin tururi ya faɗi a tsakiyar gumi, a ga abin da za su fara dubawa, da wanda za su kira, da lokacin da za su tsayar da inji. Wanda ya tsallake matakin kariya domin ya nuna sauri zai rasa maki, ko da ya warware matsalar. Mutum biyu ne za su ba da maki, kowa a takardarsa, ba tare da sun yi shawara da juna ba.

Mataki na huɗu shi ne intabiyu, ranakun 1 da 2 ga Satumba, mai maki 25, wanda za a gayyaci mutum uku mafi yawan maki a kowane gurbi. Kwamitin ya ƙunshi Manajan Masana'anta, da Shugabar Sashen Kula da Ma'aikata, da shugaban wani sashe wanda ba na mai nema ba, tare da wakilin ƙungiyar ma'aikata a matsayin ɗan sa ido wanda ba ya ba da maki. Tambayoyi iri ɗaya za a yi wa duk masu neman gurbi ɗaya, kuma mai nema yana da zaɓin amsawa da Hausa ko da Ingilishi. Mafi yawansu za su shafi riƙon jama'a, domin wanda aka zaɓa zai shugabanci abokan aikinsa na jiya, wataƙila har da waɗanda suka girme shi ko suka koya masa aiki. Duk mamban kwamiti da ke da dangantaka ta jini ko ta aure da mai nema dole ne ya bayyana, ya kuma fita daga ɗakin har a gama da shi.

Bayan haka kwamiti zai haɗa maki ya miƙa wa Manajan Darakta domin amincewa. Idan mutum biyu suka yi kunnen doki, za a fifita wanda ya fi maki a gwajin aiki, idan nan ma sun yi daidai sai a duba wanda ya fi daɗewa a kan matakinsa. Za a fitar da sakamako ranar Juma'a, 11 ga Satumba, kuma kowane mai nema zai karɓi takarda mai nuna makinsa a kowane mataki. Wanda bai gamsu ba yana da kwana bakwai na aiki ya rubuta ƙorafi kai tsaye ga Manajan Darakta, wanda zai ɗora wa mutanen da ba su zauna a kwamitin farko ba alhakin dubawa.

Wajibi ne mu faɗi wannan a fili: kamun ƙafa, ko turo wani babba ya sa baki, ko kai kyauta gidan mamban kwamiti, zai sa a cire sunan mai nema nan take, mamban da ya karɓa ko ya ɓoye kuma zai fuskanci kwamitin ladabtarwa. Takardu da makin kowa za su kasance a sirrance bisa Dokar Kare Bayanai ta 2023.

Waɗanda suka yi nasara za su kama aiki ranar Litinin, 5 ga Oktoba, kafin shansherar damina ta fara shigowa da yawa, bayan sun yi mako biyu suna karɓar aiki daga hannun waɗanda ke riƙe da shi. Albashi da alawus na mataki na 9 za su fara daga wannan rana, gudummawar fansho kuma za a lissafa ta a kan sabon albashi, kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci da kashi 10 daga kamfani kamar yadda Dokar Fansho ta 2014 ta tanada. Za a yi gwajin wata shida kafin tabbatarwa, wanda bai kai ga abin da ake buƙata ba kuwa zai koma matakinsa na baya ba tare da ya rasa aikinsa ko shekarunsa ba. Wanda ya zo na biyu a kowane gurbi za a ajiye sunansa tsawon shekara guda, a kira shi idan irin wannan gurbi ya sake samuwa.

Za a yi zaman bayani da amsa tambayoyi ranar Alhamis, 9 ga Yuli, bayan sallar Azahar a zauren taro, jami'anmu kuma za su ziyarci Kura da Bunkure ranar 13 ga wata, sannan Haɗejia ranar 14. Ana umartar shugabannin sassa da akawun cibiyoyi da su karanta wannan sanarwa ga ma'aikatansu a taron safe, su kuma tabbatar ta isa ga waɗanda ke hutu.

Shugabar Sashen Kula da Ma'aikata,
a madadin Hukumar Gudanarwa.