Abin da ya sa nake neman yin digiri na uku a ƙarƙashinki

Ranki ya daɗe Farfesa, ni ɗan Anka ne, ina sakandare a 2010 lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukanmu na Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Yargalma. Dutsen zinare mai ɗauke da dalma ake kawowa cikin gida a daka a turmi ko a kai injin niƙan hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Daga baya an kankare ƙasar saman gidaje an zuba sabuwa, ƙauyen Bagega ma sai 2013 aikin ya iso shi. To amma gonaki fa? Wannan tambayar ce ta kai ni karatun kimiyyar ƙasar noma, kuma a kanta na yi mastas ɗina a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, na ɗebo ƙasa da hatsi daga gonakin da ke kusa da wuraren wankin zinare na auna.

Na bi rubuce-rubucenki kan yadda ake ɗaure dalma a cikin ƙasa don kar saiwa ta zuƙe ta, musamman gwajin gawayin ɓuntun shinkafa da takin fosfet, da bayaninki cewa in ƙasa ta yi tsami dalmar ta fi narkewa. Gaskiya nan ne na gane gibin da ke cikin nawa aikin, don ni awo kawai na yi, na ce ga dalma nan, ban taɓo magani ba. Ke kuma yawancin gwajinki a tukwane ne cikin ɗakin shuka, shi ne nake so in fitar da shi gona, damina 2, a ƙasar jigawa da ta fadama, da gero da dawa da kuma rama da alayyafo tunda ganye ya fi kwasar ƙura.

Akwai wani abu da ke cin raina wanda nake ganin sai a ɗakin gwajinki zan iya raba gardamarsa: dalmar da ake samu a tuwo, ta saiwa ta hau ko kuwa wurin shanya da sussuka da niƙa ta shiga? In ta biyun ce ta fi yawa to gawayi kaɗai ba zai wadatar ba, dole a haɗa da tabarmar shanya da raba injin niƙa. Ɓuntu kuwa ba matsala, ga shi nan tuli a injinan casar shinkafa na Talata Mafara da Argungu.

Maganar tsaro ban ɓoye ba, akwai ƙauyukan da ba sa shiguwa yanzu, don haka na zaɓi gonakin da ke bakin gari inda manoman suka san mahaifina kuma sun riga sun yarda su ba ni kunyoyi. Inda nake da rauni shi ne lissafin alƙaluma, shi nake so in fara gyarawa a zangon farko in Allah ya sa kin karɓe ni.