Ragin Rabi

Saura kwana 12 Sallah Rabi ta shiga Kantin Kwari da naira dubu 360 a cikin jakar da ta rataya ƙarƙashin hijabi. Rabinsu kuɗin adashen Inna ne da aka kwasa, sauran kuma kuɗin tumakinta biyu da ta sa yayanta ya kai kara. Ta zaɓi atamfa turmi 40, kowane a kan dubu 9, ta sa ɗan dako ya fitar mata da su bakin titi, a daidaita sahu ya sauke ta Kasuwar Rimi, inda Gwaggo Larai ta matsar da robobinta ta ba ta gefen rumfa.

Lissafin ta daɗe da gama shi a kai. Dubu 10 da ɗari 5 za ta sayar, ribar kowane turmi dubu ɗaya da ɗari 5, in kaya suka ƙare tana da dubu 60. Har ta raba su: kaza na Inna, kaza na takalmin Sallar ƙannenta, sauran a ƙara a jari.

Kwana biyu ba wanda ya saya. Mata su tsaya, su warware zane, su murza bakinsa su ji ko sitaci ne ya yi yawa, su taya, ta ce albarka, su wuce. A rana ta uku wata mai goyo ta ɗauki turmi biyu ta rungume kamar an riga an sallama.

"Haba 'yar uwa, biyu fa zan ɗauka. Ki duba ni."

Rabi ta duba ta, ta kuma dubi rana da ta fara karkata. Ta ce a ranta, in na cire dubu ɗaya ai da sauran ɗari 5. Ta sallama a dubu 9 da ɗari 5.

Washegari mai goyon ta dawo da kishiyarta da maƙwabciyarsu. Kafin Juma'a labari ya zaga cewa akwai wata yarinya kusa da mai robobi da ba ta iya cewa a'a. Rumfar da a da ƙuda kaɗai ke leƙowa ta cika da mata, har Gwaggo ta rasa inda za ta miƙe ƙafa. Rabi kuwa bakinta ya ƙi rufuwa. Wayarta sai ƙara take, kuɗi na shigowa, jaka na nauyi. Da daddare in ta koma Dorayi sai ta zazzage wa Inna a kan tabarma ta ce, "Inna kin gani? Kasuwa ta buɗe."

Sau ɗaya Gwaggo ta yi magana. Tana jera bokitai, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "'Yar nan, rububin nan ya yi yawa. Kina rubutawa kuwa?"

"Duk yana kaina, Gwaggo. Da kaya su kwana ai gara riba kaɗan kaɗan."

"To, Allah ya sa alheri."

Sai kuma dangi suka ji. 'Yar ƙanwar Inna ta zo, ƙawayen Islamiyya biyu suka zo, matar yayanta ta aiko yaro. Wa zai ci riba a kan waɗannan? Turmi 6 suka tafi a yadda ta saro, ana ta sa mata albarka, ita kuma tana jin daɗi har cikin ranta, don ba abin da ta tsana irin a ce kasuwa ta sa ta manta zumunci.

Ana jibi Sallah saura turmi 4, duk zubi ɗaya, shuɗi mai ratsin ruwan gwal. Wata Hajiya mai ƙamshin turare ta tsaya, ta ce anko take so na 'ya'yanta, duka za ta kwashe, amma dubu 8 da ɗari 5.

"Hajiya, ko saronsa bai kai ba."

"Kwashe miki fa zan yi ki huta. Bayan Sallah wa zai kalli atamfa? Ko in tafi?"

Ta juya kamar da gaske. Rabi ta ji kamar za a tafi da ranta, ta kira ta. Aka ƙulla a leda. Gefen rumfa ya zama wayam, sai igiyar da take ratayawa.

Bayan la'asar kasuwa ta ɗan lafa. Gwaggo ta ciro wani tsohon littafin makaranta da take rubuta masu bashi, ta yage takardar tsakiya, ta miƙa mata da biro.

"Zauna. Tunda yana kanki, sauke shi nan mu gani."

Rabi ta zauna tana murmushi. Turmi 30 a dubu 9 da ɗari 5, dubu 285. Na dangi 6, dubu 54. Na Hajiya 4, dubu 34. Ta haɗa, ta sake haɗawa a waya: dubu 373.

"Cire uwar kuɗi."

Saura dubu 13. Murmushin ya ragu, amma ta daure. "Ba laifi ai, Gwaggo. Farko ne."

"Ban gama ba. Ranar saro, ɗan dako da mai a daidaita sahu nawa suka ci?"

"Dubu 3 da ɗari 5."

"Leda fa? Kin ce ke ba kya sa kayanki a baƙar leda, sai mai hannu."

"Dubu ɗaya da ɗari 5."

"Kason rumfa da muka yi da ke, dubu 5. Ban yafe ba, ni ma biya nake. Sai kuɗin gadi da shara, da abin da mai cire kuɗi ya riƙa yanka duk sanda kika je karɓar tsaba."

Wannan sai da suka ɗan yi ja-in-ja kafin su tsaya a dubu 2 da ɗari 8. Rabi ta ja layi. Hannunta ya tsaya a kan takardar. Ta goge, ta sake, lambar ta ƙi canzawa.

Naira 200.

"Kuɗin motarki na kullum daga Dorayi ban sa ba," in ji Gwaggo, "tunda Innarki ke ba ki."

Rabi ba ta ce komai ba. Abin da ke yawo a kanta takalman ƙannenta ne, ta riga ta tambayi kowa lambar ƙafarsa. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Dubu ɗaya kawai fa na rage."

"A kan dubu 10 kika dube ta, shi ya sa ta yi miki ƙanƙanta. Ba daga kuɗin mai kanti ta fita ba, shi ya karɓi nasa cif tun ranar farko. Daga dubu ɗaya da ɗari 5 ɗinki ta fita."

Wata mai awara ta gifta da farantinta a ka. Gwaggo ta kira ta, ta zare ɗari biyun daga jakar Rabi da kanta, ta ce a zuba da yaji sosai. Ta turo mata takardar. "Ci, ribarki ce."

Dariya ta kufce wa Rabi tare da hawaye. Suka cinye tare.

Sati biyu bayan Sallah ta koma Kwari ta tarar turmi ya zama dubu 9 da ɗari 6. Kuɗinta 37 suka saya. Ta rataye su, takardar Gwaggo na ninke a bayan wayarta.

Kafin azahar sai ga mai goyo, da baƙuwar fuska biyu a bayanta.

"Ƙanwata ta kaina! Ga su na kawo miki. Yadda muka saba ko?"

"Dubu 11 da ɗari 5 ne yanzu, Yaya."

"Kai! Ke ce kuwa? To dubu 10, uku za mu ɗauka."

"Albarka."

Matar ta ajiye zanen a hankali, ta gyara goyo, suka kama hanya. Rabi ta bi bayansu da kallo. Bakinta ya buɗe, ta ji kiran ya taho har maƙogwaro, sai ta damƙe bakin benci da hannu biyu. Gwaggo na can tana ƙirga murafen bokiti, ba ta ɗago ba.